Yanki tukuna, sannan ciniki: jera lissafi a Excel

Mai rarraba kaya da ke da wakilai a Kano, Katsina da Zariya ba ya rasa jadawali a ƙarshen wata: suna a layin tsaye na A, yanki a B, kuɗin ciniki a C. Abin da yake son gani shi ne wanda ya fi kawo kuɗi a kowane yanki. Jera kuɗin kaɗai ba ya nuna haka, domin yankunan za su cakuɗe.

Danna akwati ɗaya a cikin jadawalin, ka shiga Data, ka zaɓi Sort. Duba ko akwai alama a kan My data has headers, don kada kanun jadawalin su faɗa cikin lissafi. A Sort by zaɓi yanki, ka bar shi a A to Z. Sai ka danna Add Level, a Then by ka sa ciniki, ka zaɓi Largest to Smallest, sannan OK. Matakin sama shi ke raba gida-gida, na ƙasa kuma aikinsa tsara mutanen cikin gidan. Idan 'yan Kano uku sun sayar da na naira 90,000 da 1,200,000 da 450,000, za su taru a sama, mai 1,200,000 a gaba, mai 90,000 a baya, kafin a zo Katsina.

Babban haɗari shi ne mutum ya zaɓi layin kuɗi shi kaɗai. Excel zai yi gargaɗi, amsar kuwa ita ce Expand the selection. Wanda ya zaɓi ɗayar amsar, kuɗin ne kawai za su motsa, sunaye su tsaya cak, cinikin wani ya koma gaban sunan wani. Jadawalin zai fito tsaf, babu abin da zai nuna an yi ɓarna, kuma da shi za a biya lada. Shi ya sa nake ganin wajibi ne ka riƙe cinikin mutum ɗaya a ka kafin jerawa, ka duba shi bayan an gama. In ya canza, Ctrl+Z nan take.

Wani lokaci kuma sai ka ga 90,000 ta hau kan 450,000. Dalili shi ne an rubuta kuɗin da harafi a gaba, kamar N90,000, sai Excel ya ɗauke su rubutu, yana gwada su harafi bayan harafi, 9 kuwa ta fi 4. Za ka gane su da zama a gefen hagu na akwati, lambar gaske tana zama a dama. Cire harafin, matsalar ta kau.

Idan kuɗin Kano suka sauka sannan suka sake hawa, akwai inda aka bar fili bayan sunan garin, ya zama yanki na daban. TRIM na share irin wannan filin. Layin jimilla kuwa a raba shi da jadawalin da layi ɗaya wanda babu komai a ciki, don kada a jera da shi.