Ƙamusun Kalmomin Adabi na Hausa da Turanci: Inda Ma'ana Ke Raba Hanya

Ƙamusun keɓaɓɓun kalmomin adabi littafi ne, ko wani sashe a ƙarshen littafi, da ke jera kalmomin da manazarta ke aiki da su, kowace da takwararta a ɗaya harshen. Ɗalibin da ke karanta adabin Hausa da na Turanci a zango ɗaya shi ya fi kowa buɗa shi. An daɗe ana aikin daidaita irin waɗannan kalmomi. A shekarar 1990 aka buga littafin keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, kuma littattafai irin su Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa na Abdulƙadir Ɗangambo da Jagoran Nazarin Waƙar Baka na Sa'idu Muhammad Gusau sun zaunar da yawancin kalmomin da ake ji a aji a yau.

Wasu kalmomin ba sa ba da wahala. Zube da wasan kwaikwayo, da kashi da fitowa, da kamantawa da mutuntarwa, duk suna da takwarorin da ma'anarsu ta yi kusa ƙwarai, kalma ɗaya a gaban kalma ɗaya ta wadatar. Matsalar tana cikin kalmomin awon waƙa, domin a nan harsunan biyu na amfani da suna mai kama da juna a kan abubuwan da ba ɗaya ba.

Kari shi ne babban misali. Ƙamus zai ajiye shi daura da abin da Turawa ke kira mita, ya kuma ajiye ƙafa daura da kalmarsu wadda ita ma ma'anarta ƙafa ce. Fassarar daidai ce, amma abin da ake aunawa ya bambanta. Karin rubutacciyar waƙar Hausa nauyin gaɓa yake aunawa. Gaɓa marar nauyi ita ce baƙi da gajeren wasali. Mai nauyi kuwa ita ce baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, ko wadda baƙi ya rufe ta. Wannan tsari ya yi daidai da arulin Larabci wanda Halilu ɗan Ahmad na Basra ya tsara a ƙarni na 8, shi ya sa karuruwan Hausa da yawa ke ɗauke da sunayen Larabci, kamar Mutaƙarab da Kamil da Ramal. Karin Turanci bai damu da tsawon wasali ba. Abin da yake ƙirgawa shi ne gaɓar da ake ƙarfafa murya a kanta da wadda ake wucewa da ita a sassauce. Layin da Shakespeare ya fi yin amfani da shi ƙafa biyar ne, kowace ƙafa gaɓa sassauta sai mai ƙarfi, jimilla gaɓa goma.

Ga layi da aka shirya don gwaji: Manomi, maƙeri, masunci, majemi. A kalmar farko, ma gajeriya ce, no doguwa, mi doguwa, wato marar nauyi ɗaya da masu nauyi biyu. Haka maƙeri, haka majemi. A masunci wasalin tsakiya gajere ne, amma baƙin n ya rufe gaɓar sun, saboda haka ta yi nauyi. Kowace kalma ta zama ƙafar fa'ulun, ƙafa huɗu a jere kuwa su ne karin Mutaƙarab cikakke. Ɗalibin da ya shigo da ma'anar Turanci a kansa zai tsaya neman gaɓar da aka ƙarfafa a cikin manomi, ba kuwa zai same ta yadda yake zato ba, don abin da kunne ke ji a nan hawa da saukar murya ne, wani abu dabam da awon kari bai dogara da shi ba. Wanda ya tafi da ma'anar Hausa zuwa waƙar Turanci shi ma zai yi ta auna tsawon wasula, layin ya ƙi fita. Abin da ke ƙara ruɗa su shi ne alamomin yanka layi, ƴar lanƙwasa da ɗan karan tsaye ko kwance, sun yi kama a darussan biyu. Akwai kuma wani tarko na rubutun boko: ba ya nuna tsawon wasali, don haka dole a furta layin Hausa da baki kafin a yanka shi. Ana gane ɗalibi ya faɗa wannan rami idan ya kawo adadin gaɓoɓi daidai amma ya kasa faɗin sunan kari.

Amsa-amo ma haka yake, ko da yake tazarar ba ta kai ta kari ba. A waƙar Hausa gaɓar ƙarshe ce ke maimaituwa, baƙinta da wasalinta, kamar da a gida da fada da gada. A Turanci dacewar na farawa ne daga wasalin ƙarshe da aka ƙarfafa zuwa ƙarshen kalma, kuma ana so baƙin da ya gabaci wasalin ya bambanta. Abin da Bahaushe ke ɗauka cikar amsa-amo, manazarcin Turanci kan gan shi maimaici ne kawai. Sannan Hausa na rarrabe babban amsa-amo, wanda ke zuwa a ƙarshen kowane baiti tun daga farkon waƙa har ƙarshenta, da ƙaramin amsa-amo, wanda ke haɗa ɗangogin cikin baiti yana sauyawa daga baiti zuwa baiti. Wasu malamai na kiran su na waje da na ciki, a nan kuwa ake yin tuntuɓe, domin abin da Turanci ke kira na ciki shi ne dacewar sauti a tsakiyar layi ɗaya. Ƙamusun da ya haɗa waɗannan biyu a matsayin abu ɗaya ya koyar da kuskure.

Daga nan ake gane yadda ya kamata bayanin kalma ya kasance. Kalma da takwararta ba su isa ba. Ana bukatar ma'anar kalmar a adabin da ta fito, da misali ɗaya daga kowane harshe, da jimla guda mai faɗin inda suka rabu. Ya kamata kuma a nuna ko kalmar ta waƙar baka ce ko ta rubutacciya, domin kalmar waƙa kanta ta rungumi abin da Turanci ya raba gida biyu, wanda ake rerawa da wanda ake rubutawa. Baiti na rubutacciyar waƙa ne, yawan ɗangoginsa a ƙayyade yake, ƙwar biyu ko ƙwar huɗu ko ƙwar biyar. A waƙoƙin makaɗa irin su Mamman Shata da Ibrahim Narambaɗa kuwa, gindi ake da shi da ɗiya, kuma ɗa ɗaya na iya ninka wani a tsawo. Fassara baiti da ɗa da kalmar Turanci ɗaya na ɓatar da wannan bambanci.

Akwai kalmomin da ba su da takwara ko kaɗan, kuma ƙirƙira musu ita ɓarna ce. Sonet, waƙar Turawa mai layi 14, sai dai a bar ta da sunanta a bayyana tsarinta. Haka tahamisi a ɗaya ɓangaren. Kiran sa baiti mai layi biyar ya rage masa ma'ana, domin wannan ƙwar biyar ce. Tahamisi shi ne wani marubuci ya ɗauki waƙar wani mai ƙwar biyu, ya ƙara ɗango uku nasa a gaban kowane baiti, bisa karinta, baitin ya koma mai ɗango biyar. Haka Isa ɗan Shehu ya yi wa Tabbat Haƙiƙa, wadda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya wallafa da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa.