Me Ya Sa Malami Yake Soke “My Brother He Is Tall”?

A Hausa, in ka ce “Wana ya tafi kasuwa”, ba ka yi kuskure ba. Dole ne “ya” ya biyo bayan sunan, domin shi ne ke nuna lokacin aikin da jinsin mai yinsa. In ka cire shi, jimlar ta rushe.

Turanci kuwa ba haka yake ba. Suna da wakilin suna gurbi ɗaya suke cikewa, don haka ɗaya kawai ake so. Ɗalibin da ya rubuta “My brother he is tall” ya ambaci wansa sau biyu ke nan, kuma mai duba jarrabawa zai soke “he”. Daidai shi ne “My brother is tall”, ko “He is tall” in an riga an san wanda ake nufi.

Turawa da kansu sukan faɗi irin wannan a hira, su ɗan dakata bayan sunan don jawo hankali. A rubutu ne ake ƙin sa.

Ya fi ɓuya a doguwar jimla, kamar “The man who sells rice he is tall”. Rufe bayanin da ke tsakiya da yatsa, za ka ga “he” ya yi yawa.