Bayan An Watse Taro: Me Za A Rubuta A Ƙarƙashin Hoto?

A tarukan kasuwanci, irin bajekolin ƙasa da ƙasa da KADCCIMA ke shiryawa a Kaduna, akan zaunar da masana uku ko huɗu a gaban jama'a su tattauna batu guda, daga nan a ba da damar tambayoyi. Da zarar an watse, sai ka ga an ɗora hoton zaman a Facebook ko Instagram da ɗan rubutu a ƙarƙashinsa. Aikin rubutun nan biyu ne: gode wa waɗanda suka zo, da kai wa waɗanda ba su zo ba tsarabar abin da aka faɗa.

A na biyun aka fi yin tuntuɓe. Mai rubutu kan jero manyan baƙi da muƙamansu, ya rufe da "an tattauna muhimman batutuwa". Mai sayar da kilishi da ya karanta wannan a shagonsa bai ƙaru da komai ba.

Wuri ma ƙalilan ne. Instagram na karɓar haruffa 2,200, amma layi ɗaya ko biyu na farko kaɗai ke bayyana kafin mutum ya latsa ya ga sauran. A X kuwa, haruffa 280 aka ba gama-garin masu amfani da shi. Don haka godiya ta zo a jimla ɗaya, kuma sunan batun ya fito a cikinta.

A ce zaman a kan masu sarrafa abinci ne. Ana iya rubuta:

"Mun gode wa duk waɗanda suka halarci zamanmu na jiya kan shigar da yaji da kilishi manyan kantuna. Abu uku muka tsayar. Na farko, a yi wa sana'a rajista da CAC, domin da takardarta ake buɗe asusun banki da sunan kasuwanci. Na biyu, a nemi lambar NAFDAC kafin a buga leda da yawa. Na uku, a raba kuɗin sana'a da na cefane, a riƙa rubuta ciniki kullum. Mai sauran tambaya ya ajiye ta a nan, za mu miƙa wa masu jawabi."

Kowane batu a nan aiki ne da mutum zai iya tashi ya yi. Gwajin ke nan: jimlar da za ta dace da kowane taro, a goge ta.

Saura hattara biyu. Kada a sa magana a bakin mai jawabi sai an saurari abin da aka naɗa, musamman in akwai alƙaluma, domin kuskuren sifili ɗaya na iya jawo masa tambayoyin da bai shirya musu ba. A kuma duba sunansa da muƙaminsa a takardar shirin taro. Sannan a wallafa a ranar ko washegari, tun mahalarta na da ɗokin turawa ga abokan sana'arsu.