Sawun Na'ura a Cikin Dogon Rubutu

A watan Fabrairun 2023, Neil Clarke, editan mujallar Clarkesworld da ke buga gajerun labaran almarar kimiyya a Amurka, ya rufe karɓar sababbin labarai na wani lokaci. Labaran da na'ura ta rubuta ne suka yi masa ambaliya, sama da 500 a watan kaɗai, alhali ChatGPT bai cika wata uku da fitowa ba. Clarke ya ce akwai alamomi bayyanannu da yake gane su da su, amma ya ƙi fayyace su don kada ya koya wa masu turowa yadda za su ɓoye sawunsu. Sai dai editoci da malamai da dama sun riga sun lura da biyu daga cikin irin waɗannan alamomi: salon magana ɗaya da ke ta dawowa, da sakin layi masu tsawo kusan daidai tun daga farko har ƙarshe.

Asalin abin yana cikin yadda manhajar ke rubutu. Kalma bayan kalma take ɗorawa, wani lokacin ma gutsuren kalma, kuma a kowane mataki tana lissafa abin da ya fi dacewa ya biyo baya bisa tarin rubuce-rubucen da aka horar da ita da su. Mai wayar hannu ya san ƙaramin samfurin wannan: idan ya rubuta "ina", allon rubutu sai ya miƙo masa "kwana". Manyan manhajojin sun fi wannan ƙwarewa nesa ba kusa ba, amma har yanzu sun fi karkata ga zaɓin da aka saba gani.

Wani abu kuma ya ƙaru a kai. Duk abin da manhajar ta riga ta rubuta yana komawa cikin abin da take dubawa kafin ta zaɓi kalma ta gaba. Idan sakin layi na farko ya buɗe da gabatar da batu, ya kawo misali, ya rufe da jimla mai taƙaitawa, to wannan tsari ya zama abin koyi ga na biyu. Na biyu ya ƙarfafa shi, na uku ya tarar da shaida biyu a gabansa. Ari Holtzman da abokan aikinsa sun nuna wannan a 2019 da manhajar GPT-2: idan aka tilasta mata ɗaukar zaɓi mafi rinjaye a kowane mataki, sai ta faɗa cikin maimaita jimla ɗaya ba iyaka, kuma kowane maimaici yana ƙara yiwuwar na gaba. Sun kuma gano cewa rubutun mutane ba ya tsayawa a kan kalma mafi rinjaye. Yana yawan kaucewa zuwa inda ba a zata ba. Manhajojin yau ba sa faɗawa wannan rami ƙiri-ƙiri, domin an sa musu 'yar caca a wajen zaɓi. Amma cutar ba ta warke duka ba, sai dai ta koma maimaita siffa: "bugu da ƙari" a bakin kowane sakin layi, jerin abubuwa uku-uku, da jimlar nasiha a ƙarshe. Horon ƙarshe da ake yi musu, inda mutane ke zaɓar amsar da ta fi burge su, shi ma yana tura su ga tsari mai tsafta da daidaito.

Mutum kuwa abin da ya sani ne ke yanka masa tsawon magana. Inda yake da labari sai ya baje kolinsa, inda ba shi da komai sai ya wuce da jimla biyu. Yana gajiya, ya tashi, ya dawo washegari da wani yanayi, ya goge rabin shafi.

A ƙaddara edita ya karɓi maƙala biyu, kowace da sakin layi takwas da kalmomi 652. Ya ƙirga kalmomin kowane sakin layi a ta farko ya samu 82, 79, 85, 80, 84, 78, 83, 81. Tazarar da ke tsakanin mafi tsawo da mafi gajarta kalmomi bakwai ne kacal, kamar bulon da aka buga da ma'auni ɗaya. A ta biyu ya samu 140, 35, 96, 12, 170, 58, 88, 53, wato tazarar kalmomi 158. Daga nan sai ya jera kalmomi ukun farko na kowane sakin layi a gefe guda, ya kuma karanta jimlolin ƙarshe su kaɗai a jere. Idan biyar daga cikin takwas sun buɗe da mahaɗi iri ɗaya, kuma jimlolin ƙarshen duk sake faɗin abin da aka riga aka faɗa suke yi, to maƙalar farko ta cancanci a yi mata kallo na biyu. Tsawon rubutun shi ne ke ba wannan ƙirge nauyi. Sakin layi uku su zo daidai, ana iya cewa dace ne. Ashirin su zo daidai kuwa da wuya a kira shi dace.

Irin wannan awo ne Edward Tian, ɗalibi a Jami'ar Princeton, ya gina manhajar GPTZero a kai a Janairun 2023. A farkon fitowarta, tana duba yadda kalmomin rubutu ke da saukin hasashe, da kuma yadda jimloli ke bambanta da juna. Dmitry Kobak da abokan aikinsa kuma sun bi taƙaitattun bayanan binciken likitanci miliyoyi a rumbun PubMed, suka ga wasu kalmomin ado na Ingilishi, irin su "delves", sun yi tashin gwauron zabi bayan fitowar ChatGPT.

To amma alama daban, hujja daban. Kamfanin OpenAI da kansa ya fito da manhajar gane rubutun na'ura a Janairun 2023, ya janye ta a Yulin shekarar saboda rashin inganci. A gwajin kamfanin, kashi 26 cikin ɗari na rubutun na'ura kawai ta kama, sannan ta ɗora wa kashi 9 cikin ɗari na rubutun mutane laifin da ba su yi ba. Masu bincike a Jami'ar Stanford kuma sun gwada manhajoji bakwai a kan maƙaloli 91 na jarrabawar TOEFL, waɗanda ɗalibai 'yan Sin suka rubuta da kansu, sai aka yanke wa fiye da rabinsu hukuncin cewa na'ura ce ta yi. Dalilin a fili yake: mai rubutu da harshen da ba nasa ba yana riƙe da 'yan kalmomin da ya amince da su, yana juya su. Ɗalibin Kano ko Zinder da ke rubutu da Ingilishi ko Faransanci, wanda aka koya masa gabatarwa da gundarin bayani da kammalawa a kan ma'auni ɗaya, yana cikin wannan haɗari.

Akwai kuma rubutun da maimaici ne adonsa ko ƙa'idarsa. Takardar kotu da yarjejeniyar ciniki suna nanata lafazi ɗaya don kada a samu kafar jayayya. Waƙar baka tana da amshi, mai wa'azi yana komawa kan jimla don ta zauna a zuciya. Bambancin shi ne maimaicin mawaƙi yana faɗowa a gurbin da aka tanadar masa, na na'ura kuwa yakan tsaya a mahaɗan magana, inda babu wani sabon abu da ake ƙarawa. Sannan duk wanda ya san waɗannan alamomi yana iya umartar manhajar ta sassaɓa tsawon sakin layinta, ko ya gyara da hannu, don haka rashin ganinsu ba ya wanke kowa.

Shi ya sa editan da ya ga ƙirgen ya yi daidai da yawa ba ya tsayawa nan. Yakan nemi daftarin farko da tarihin gyare-gyaren fayil ɗin, ya binciki ko littattafan da aka ambata akwai su da gaske, domin manhajojin sun yi suna wajen ƙago majiya. Daga ƙarshe ya kira marubucin, ya zaɓi sakin layi ɗaya daga tsakiya, ya tambaye shi inda ya samo misalin da ke ciki da abin da ya sa ya ajiye shi a wurin.