Amsa Huɗu, Ɗaya ce Gaskiya

Ɗauki wannan tambayar sinadarai: an ƙona giram 4 na haidirojin da giram 16 na iskar oksijin, aka samu ruwa giram 14.4. Kashi nawa cikin ɗari aka samu? Zaɓi: 40, 72, 80, 125.

Fara jefar da 125. Ba a samun fiye da abin da lissafi ya yarda. Sai ka nemi sinadarin da zai fara ƙarewa. Giram 16 na oksijin giram 2 kawai na haidirojin yake ci, don haka oksijin ne ke ƙarewa, ruwan kuma ba zai wuce giram 18 ba. Raba 14.4 da 18: kashi 80 cikin ɗari.

Tarko ne sauran biyun. Wanda ya bi haidirojin zai sa ran giram 36, ya faɗa kan 40. Mai gaggawar da ya tara 4 da 16 kuwa, 72 ke jiransa.