Na kai ƙwai na miliyan 3, alat ya shigo da giɓin dubu 60

Watan jiya na kai wa wani kamfanin biredi ƙwai kiret 600, kowane kiret naira 5,000. Ƙwan ba na gonata ba ne, saro shi na yi daga gonakin maƙwabta. Na rubuta musu inbois na ₦3,000,000, amma da alat ya shigo sai na ga ₦2,940,000.

Raina a ɓace na kira akantansu. Ya ce, "Alhaji, ba cin kuɗinka muka yi ba. Harajin riƙewa ne, kashi 2 cikin 100 na kayan da ka kawo. Doka ce ta ɗora mana mu cire, mu kai wa hukumar haraji da sunanka." A takardar da ya turo an rubuta WHT, ₦60,000.

To, a nan na so in yi kuskure. Da farko na rubuta cinikin ₦2,940,000 a littafi. Wannan ba daidai ba ne, domin cinikina miliyan 3 ne cif. Haka kuma ba daidai ba ne in bar dubu 60 a matsayin bashi a kansu, ko in zuba ta cikin asara. Haraji ne na biya tun kafin lokacinsa, kamar kafin alƙalami.

Ga yadda na gyara. Ranar da na kai kaya: ciniki ₦3,000,000, bashi a kan kamfanin ₦3,000,000. Ranar da suka biya: banki ₦2,940,000, sai na buɗe sabon shafi mai suna "harajin da aka riƙe min" na sa ₦60,000. Biyun suka haɗu miliyan 3, shafin kamfanin ya koma babu ko sisi.

Amma fa rubutun littafi kaɗai ba ya isa. Ka nemi rasit ɗin cirewar, ka duba sunanka, lambar harajinka ta TIN, da adadin kuɗin. Da shi za a rage maka harajin da za ka biya a ƙarshen shekara. In nawa ya kama ₦200,000, ₦140,000 zan cika. In babu shaida kuwa, ana iya sa ka biya duka. Mai kamfani mai rajista, nasa hukumar tarayya ake kaiwa. Mai sana'a da sunansa, hukumar jiharsa.

Abu biyu ku riƙe. Ku sa TIN a kowane inbois, don wanda ba shi da ita ninka masa cirewar ake yi. Sannan ƙa'idar da ta fara aiki a 2025 ta ɗauke wannan cirewa daga kayan da mai kawowa ya samar da kansa. Don haka in ƙwan kajinka ne ko tarwaɗar tafkinka, ka faɗa musu tun kafin biya, kada ka gwama su a inbois ɗaya da na sari.

Allah ya sa albarka a kiwo.