Aikin nesa daga Damargu: yadda ake rubuta bayanin kai ga baƙi na ƙetare

Yau za mu duba ɗan bayanin da mai neman aiki ta intanet yake sawa a ƙarƙashin sunansa, a shafuka irin su Upwork ko LinkedIn. Mai ba da aiki da ke Paris ko Montreal bai san ka ba, ba shi da wanda zai tambaya halinka. Waɗannan layuka biyar ko shida su ne shaidarka. Abu uku yake nema a ciki: da me kake aiki, yaushe ake samunka, kuma in rezo ya ɗauke me za ka yi.

Mu ɗauki misali. A ce wani matashi a Belbeji yana fassara daga Faransanci zuwa Hausa, yana kuma mayar da hirar da aka naɗa zuwa rubutu. In ya ce "na iya kwamfuta", bai faɗi komai ba. Sai ya kira kayan da sunansu: Word da Google Docs don rubutu, Excel don jadawali, Google Meet don ganawa. Amma kada ya lissafa abin da bai taɓa riƙewa ba, don ran farko za a iya cewa ya buɗe, asiri ya tonu.

Wurin da aka fi tuntuɓe shi ne lokaci. Agogon Nijar UTC+1 ne duk shekara, ba ya motsi. Na Turawa kuwa yana motsi. Faransa tana daidai da mu lokacin sanyi, amma daga Lahadin ƙarshe na watan Maris zuwa Lahadin ƙarshe na Oktoba tana gabanmu da awa ɗaya. Ke nan wanda ya rubuta "lokacinmu ɗaya da Paris" ya yi gaskiya wata biyar kawai. In an sa masa taro ƙarfe 10 na Paris a watan Yuni, ƙarfe 9 ne a nan, kuma in ya zo 10 ya tarar an tashi. Shi ya sa muke cewa a rubuta awannin da UTC+1 a gefensu, kowa ya yi lissafinsa.

Matashin namu yana aiki daga 9 zuwa 1 na rana, sannan daga 3 zuwa 6 na yamma. Ga baƙon Paris, kusan yininsa ne gaba ɗaya. Montreal kuma tana bayanmu da awa shida lokacin sanyi, awa biyar a sauran watanni. Ƙarfe 3 namu ya zama 9 ko 10 na safiyarsu, wato awa uku kaɗai suke haɗuwa. Gara ya faɗi haka tun farko. Kuma ya sa cewa ran Juma'a da tsakar rana ba ya nan, babu kunya a ciki.

Na uku, sadarwa. Mun san yadda kuran da rezo suke yi mana a karkara. Kalmar "ana samuna awa 24" alkawari ne da ba mai iya cikawa, kuma mai ba da aiki ya san haka. Abin da ke kwantar masa da hankali shi ne tanadi: layi biyu na kamfanoni daban, batir da sola ke caji, da adadin awannin da za a jira amsa. Kafin ka rubuta adadin, ka yi mako biyu kana lura da tsawon lokacin da rezo yake ɗaukewa a unguwarku. In mafi tsawo awa shida ne, ka ce goma sha biyu.

Ga yadda bayanin zai kasance, kafin a juya shi zuwa Faransanci ko Ingilishi:

"Ina fassara daga Faransanci zuwa Hausa, ina kuma rubuta hirarrakin da aka naɗa. Ina aiki da Word, Google Docs da Google Meet. Ana samuna Litinin zuwa Juma'a, 9:00 zuwa 13:00 da 15:00 zuwa 18:00 (UTC+1), ban da Juma'a da tsakar rana. Ina amsa saƙo cikin awa 12. Ina da layin intanet biyu da wutar sola. In aiki zai makara, ina sanarwa kafin ranar."

Ku lura, babu lambar waya ko hoton katin shaida a ciki. Waɗannan ba na bainar jama'a ba ne. Kuma duk wanda ya ce ka biya kuɗi kafin ya ba ka aiki, ka bar shi.

Ta yaya za ka gane bayanin ya gaza? In baƙi suna ta tambayarka "yaushe kake nan?" ko "kana da Excel?", to amsar ba ta fito a rubutun ba, sai a gyara. A kuma sake duba awannin duk watan Maris da ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, lokacin da agogon ƙetare ke sauyawa.